Tulin Itacen Inna Zuliha

Inna Zuliha ba ta taɓa kiran sunan Abdulrashid ba tun da ta haife shi. Ɗan fari ne, ita kuwa irin matan nan ce da suka ɗauki alkunya kamar farilla. In za ta ambace shi sai ta ce "yaron nan", alhali yaron nan har furfura ta fara leƙo masa a gemu. In ya kira waya, kau da kai take yi tana amsawa, sai ka ce yana ganinta daga Ibadan. Ba ta taɓa tambayarsa yaushe zai zo ba. Ko da wasa ba ta taɓa ce masa tana kewarsa ba, kuma tana kewarsa ƙwarai.

Gidan nata yana Unguwar Marke, wani ɗan ƙauye a bayan Ungogo, inda gona ke manne da gona, gida na hango gida. Mutane ba su yi ƙaranci ba a wajen. A cikin gidanta ne dai babu kowa. Mijinta Malam Badaru ya rasu, 'yarta Juwairiyya na aure a Gombe, jikar da aka ba ta don ta ɗebe mata kewa kuma uban ya mayar da ita makaranta. Saura ita da tunkiya biyu da kajin da ba sa jin magana. Da safe takan share tsakar gida tas, har inda ba wanda zai taka, ta dafa abinci a 'yar tukunya, ta ci rabi ta rufe rabi. Wata rana sai azahar take gane cewa tun asuba ba ta yi magana da kowa ba in ban da tumaki.

Abu ɗaya ke kawo Abdulrashid gida ya kwana biyu, shi ne itace. Duk shekara in bazara ta kama, kafin ruwa ya sauka, yakan ɗauki hutu ya zo ya sare rassan darbejiya da marken da ke gonar mahaifinsa, ya faskara, ya tara mata a ƙarƙashin rumfar kwano da ke jikin katanga, don kada damina ta same ta da jiƙaƙƙen itace. Ya sha cewa zai turo a saya mata. Ta ce ita da itatuwan Malam a tsaye ba za ta sayi itace ba, mutane su ce me? Ya ce to a sa wani ya sare. An taɓa gwadawa, wanda aka sa ya yi wa ɗorawa aski har ta shekara biyu ba ta yi 'ya'ya ba, tun daga nan Inna ta hana kowa hawa. Ya sayo mata tukunyar gas. Tana nan a ƙuryar ɗaki, an kife mata kwando, Inna na ratse ta in za ta wuce kamar mai ratse maciji.

Duk waɗannan dalilai gaskiya ne. Amma akwai na ƙarƙashinsu, wanda ciki ya riƙe, tunda ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In ya zo saran itace, mako guda yake yi. Tana jin ƙarar gatarinsa daga kicin, tana dama masa fura ta ajiye a bakin rumfa ba tare da ta ce ga ta ba, ya sha ya ajiye ƙwaryar, ta zo ta ɗauke. Hirarsu ba ta wuce haka. Wannan makon shi take jira tun daga ranar da ya tafi.

Bana da zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa ta gabas yana komawa, sai ya kira 'yar wayarta mai tocila. Bayan gaisuwa ya shiga maganar.

"Inna, bana fa aiki ya yi mini yawa. Maigidana Alhaji ya buɗe gidan burodi na uku, kuma ba wanda zai riƙe mini wurina. Ga hanya yadda ta zama. Na ce bara ai mun tara da yawa, da darbejiyar nan da iska ta kayar. In abin da ya rage zai kai ki kaka, sai in bari sai wani lokaci. In kuma ba zai kai ba, dole in zo ko ta yaya."

"To," in ji Inna, tana kallon bango.

"Ki sa Ikilima ta ɗauko mini hoton tulin in gani."

Ikilima matar maƙwabcinta ce, mai ɗinki, mai babbar waya da babbar murya. Da la'asar ta shigo da zare a gefen baki, ta tsaya daga ƙofar kicin ta ɗauki hoton a karkace, ta tura. Ba a jima ba saƙon murya ya shigo, ta kunna musu.

"Ikilima sannu da ƙoƙari, amma wannan hoton ba zai yi ba. Daga gefe kika ɗauka, kusa ya yi girma, nesa ya ƙanƙance. Ki tsaya daidai tsakiyar tulin, ta inda bakin itatuwan ke kallonki, ki ja baya sosai, ki riƙe wayar daidai rabin tsayinsa. Sannan ki auna kara da tef ɗinki na ɗinki, mita ɗaya cif, ki jingina shi a miƙe a jikin itacen, kada ki sa shi can gaba. Da shi zan auna komai. Sai ki zaga ki ɗauko mini ta gefe, da karan a kwance, in ga tsawon itatuwan."

"Oh, wannan kamar hoton fasfo," in ji Ikilima. "Inna, ɗan naki ya cika ka'ida. Yau dai ba zan iya ba, ɗinkin biki ne a gabana. Sai jibi."

Ba a banza ya cika ka'ida ba. Aikinsa ke nan a Ibadan, sayen itacen gashi na gidajen burodin Alhajin da yake wa aiki. Masu itace daga daji suke turo masa hoton kaya kafin mota ta tashi, shi kuma ya faɗi abin da ke ciki. Inna ta taɓa jin yana ba abokansa labari a zaure, yadda masu itace ke gicciye karkatattun rassa, a yi tuli kamar ɗaki, alhali rabinsa iska ce. Ta riƙe maganar, ba don ta dame ta ba, sai don shi ya faɗe ta.

Da Ikilima ta fita, Inna ta tsaya gaban rumfar ta daɗe. Tulin ya yi mata yawa a ido. Shekara guda tana zara daga nan da can, ya wargaje, rassa sun giccice, kafofi ko'ina har kaza na shiga ta yi ƙwai. Ta taka tsawonsa, ya fi taku huɗu irin nata. Duk wanda ya ga wannan a hoto zai ce ya isa. Ita ma ta san ya isa, ai ita ke ƙonawa.

A nan dabarar ta zo mata. In masu itace na buɗa tuli don ya yi girma, me zai hana ita ta matse nata ya ƙanƙance? Ba ƙarya za ta yi ba. Ba za ta ɓoye ko tsinke ɗaya ba, don ita mai tsoron Allah ce, kuma Ikilima ta riga ta ga komai. Gyara kawai za ta yi. Mace ba ta da ikon gyara itacenta?

Washegari tana idar da azkar ta ɗaure zani a ƙugu ta fara. Ta sauke tulin gaba ɗaya, itace bayan itace, tana bubbuga kowanne a ƙasa saboda kunama. Ta ware manya gefe, faskararru gefe, karkatattu gefe, ƙirare gefe. Sannan ta soma jerawa. Ta shimfiɗa manyan a ƙasa, ta kwantar da faskararru a kwarin da ke tsakaninsu, mai kaifin baya ta juya shi ya shige inda ya dace. Karkatacce ta nemo masa ɗan'uwansa mai irin lanƙwasarsa ta haɗa su ciki da baya. Duk kafar da ta rage ta cusa mata ƙirare. Wani gungumen marke ya fi ƙarfinta, ta mirgina shi da ƙafa, ta zauna a kansa tana haki har numfashinta ya dawo.

Ba wanda ya shigo. Ta ji masu kai taki gona suna wucewa ta bayan katanga, ta ji Ikilima na faɗa da keken ɗinkinta, ta ji an kira azahar. Ta yi salla a zaune saboda ƙugu. Sartse ya shige mata a tafin hannu, ta nemi mai cire mata babu, ta sa haƙori. Da rana ta yi sanyi ta koma. Tana jerawa tana lissafin abin da za ta tanada: a daka gero, a nemo nono mai kyau wurin Fulanin da ke bayan makaranta, a fitar da katifar ɗakinsa ta sha rana. Har ta kama kanta tana 'yar waƙa, ta yi shiru don kunya, ko da yake ba mai ji.

Ba ta gama ba sai hantsin ranar da Ikilima za ta zo. Ta ja baya ta duba. Tulin da ya cika rumfa yanzu ya koma gefe guda ya tsuke, ya bar fili har ana iya shimfiɗa tabarma. Sulusinsa ya tafi, ba tare da an ƙona ko sanda ɗaya ba. Inna ta ji daɗi har cikin ranta. Ta share ɓawon da ya zube, ta wanke hannu, ta zauna kamar ba ita ba.

Ikilima na shigowa ta tsaya turus.

"Inna, ina itacen?"

"Ga shi kina gani."

"Shekaranjiya fa har nan ya kawo. Wa ya yi miki wannan aiki?"

"Gyarawa na yi. Kaji sun dame ni."

Ikilima ta dube ta, ta dubi hannunta da ke naɗe da tsumma. Ta zaro kara daga dannin tumaki, ta auna da tef, ta karya, ta jingina. Ta ja baya har ta kusa taka kwanon kaji, ta durƙusa kaɗan, ta ɗauka. Ta zaga ta ɗauki gefe. Ta tura, suka zauna a inuwa. Inna ta kawo mata gyaɗa, abin da ba kullum take yi ba.

Sun kusa cinye gyaɗar kafin ya kira. Ikilima ta sa a sifika ta ajiye wayar a kan tabarma tsakaninsu. Inna ta juya mata gefe.

"Inna, na gani, hoton ya yi kyau wannan karon. Da na fara buɗewa gabana ya faɗi, na ce ashe itacen ya tafi haka. Har na fara tunanin yadda zan tunkari Alhaji."

Inna ta gyara zama.

"Sai na zauna na auna. Da karan nan, tsawon tulin mita biyu ne. Samansa ba daidai yake ba, na auna tsayin a wuri biyar na raba, ya ba ni mita ɗaya. Itatuwan kuma ta gefe mita ɗaya ne, dama haka na yanka su. Wato kamar akwati biyu ke nan, kowanne mita ɗaya ta kowane gefe."

"To ai kaɗan ne," in ji Ikilima, da sauri.

"A ido. Amma ba akwatin ake ƙonawa ba, abin da ke ciki ake ƙonawa. Kowane tuli akwai itace, akwai iska. Duba abin da na turo miki yanzu."

Ikilima ta buɗe, ta miƙa wa Inna. Hoton tulinta ne, an yayyafa masa jajayen ɗigo layi-layi, a jere kamar shuka. Inna ta kalla ta wutsiyar ido.

"Ɗigo ɗari ne," in ji shi. "Sai in ƙirga nawa suka faɗa kan itace, nawa suka faɗa rami. Irin rassan nan namu, in an tara su yadda aka saba, da ƙyar rabi ke faɗawa kan itace. Na shekaranjiya, duk da hoton a karkace yake, na ga bai ma kai rabi ba. Wannan kuwa saba'in da biyu. Na rage kaɗan, don bakin itace yakan haɗu a waje amma can ciki lanƙwasa ta bar rata da hoto ba ya nunawa. Ko da na rage, kashi biyu cikin uku itace ne zalla. Akwati ɗaya da sulusi ke nan, ba iska a ciki. In kin duba, shi ne dai na shekaranjiya, wancan ya fi faɗi, wannan ya fi cika."

Tunkiya ta yi kuka a bayan ɗaki. Ikilima ta saci kallon Inna.

"Busasshen darbejiya da marke mai yawan nan ya haura kilo ɗari tara. Inna kuma na san hannunta, runguma ɗaya take ɗiba a wuni, ba ta wuce kilo biyar. Wata shida ke nan. Zai fitar da ita damina, ya kai ta kaka, har a ci sabon gero da shi. Inna, kina ji? Ya isa, har da saura."

"Ina ji."

Ya yi dariya, dariyar wanda aka sauke wa kaya. "Ni shekarata nawa ina wannan aiki, kullum buɗa mini tuli ake yi don a cuce ni. Ban taɓa ganin wanda aka matse haka ba, ko ƙadangare ba zai samu wurin shiga ba. Wa ya jera?"

Ikilima ta ce, "Ita ta jera. Ita kaɗai. Wuni biyu ta yi tana yi."

Ta faɗe shi da nauyi, tana jan kowace kalma, yadda ko kurma zai ji akwai magana a ciki. Inna kuwa tsoro take kada ya gane, kuma babu abin da take so kamar ya gane.

"Ita kaɗai? Har da gungumen marken nan na ƙasa?" Ya ja numfashi. "Alhamdu lillahi. Wallahi Inna kin kwantar mini da hankali. Kwanan nan ina ta tunani, ko jiki ya fara gazawa ba kya faɗa. Wanda ya ɗaga wannan ai da sauran ƙarfinsa. Amma don Allah kada ki ƙara, ki riƙa sa yara."

Mutum ne mai ƙirga ramin da ke bayan itace daga nisan kwana guda a mota, amma wannan bai gan shi ba. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Tun yana goye aka koya masa cewa uwarsa ba ta kallonsa, ya kuma yarda.

"To sai yaushe ke nan?" Ikilima ce ta tambaya, tunda mai tambayar ba za ta yi ba.

"In Allah ya kai mu bayan kaka, in itacen ya yi ƙasa, sai in shigo. Inna, akwai wani abu da kike bukata?"

Ga ƙofa a buɗe. Kalma uku ce ko huɗu, kuma ta san su, ta sha faɗa wa tumaki. Ta dubi filin da ya buɗe a rumfa, ta dubi hannunta.

"Babu. Allah ya yi albarka. A gaida yaran."

"Amin, Inna. Za su ji."

Wayar ta mutu. Ikilima ta ɗauka ta goge fuskarta da gefen mayafi, ta daɗe tana gogewa.

"Inna, da kin bari na gaya masa."

"Ki gaya masa me?"

"Ke ma kin sani."

"Ki tafi ga ɗinkinki, masu biki na jira. Na gode."

Ikilima ta tafi tana ƙunƙuni. Gidan ya koma yadda yake. Inna ta zauna har inuwar katanga ta iso ƙafarta. Baƙin ciki ya cika ta, har da haushin kanta, don ƙugun da ta karya wuni biyu shi ya ƙara tabbatar masa ba ta bukatarsa. Da ta bar tulin a wargaje ma, ko ba komai da bai ce tana da ƙarfi ba.

Can ta tashi, lokacin ɗora tukunya ya yi. Ta je rumfa ta ɗebo runguma ɗaya ta zube a bakin murhu. Ta tsaya. Wata shida, in ji shi, in an bi da hannunta. Ta koma ta ɗebo ta biyu. Ta hura murhunta, ta ɗora 'yar tukunyar tuwo. Sannan ta jawo duwatsu uku ta kafa wani murhun a gefe, ta shiga ɗaki ta fito da babbar tukunyar da rabon da a taɓa ta tun sadakar arba'in ɗin Malam, ta cika ta da ruwa, ta cusa mata faskaren marke huɗu, masu kyau, waɗanda a da sai ta yi kwana uku tana lallaɓa ɗaya.

Wuta ta kama ta tashi. Hayaƙi ya haura katanga.

"Inna!" Muryar Ikilima ce daga gidansu. "Baƙi kika yi ne?"

"A'a," in ji Inna. "Ruwa nake dafawa."

Ta jawo kujera 'yar tsugunno ta zauna a cikin zafin nan na bazara, gumi na bin wuyanta, tana kallon ruwan da ba mai wanka da shi. Da itacen ya ci rabi, ta tura shi ciki, ta tashi ta ƙaro wani.